Sabulun salo ko ruwan wanke fuska na farmasi?

"Ƴan'uwa don Allah, fuskata ga maiƙo ga ƙuraje, amma in na wanke sai ta ɗaure tana raɗaɗi. In ci gaba da sabulun salo, ko in sayi ruwan wanke fuskar nan na farmasi mai pH 5.5? Jaka biyar fa ba wasa ba ce."

Ƙanwata, sayi na farmasin. Hunturu biyu ke nan nake da shi, kuma a hunturun bana, duk da ƙurar da Maradi ta sha, gefen hancina bai yi saɓa ko sau ɗaya ba. Ranar da na fara amfani da shi har raina ya ɓaci, don kumfarsa kaɗan ce, na ɗauraye na ji santsi-santsi kamar ban wanke ba. Na ce an cuce ni. Sai da aka yi mako biyu na lura man da nake shafawa ya daina yi mini yaji, hoda kuma ta daina taruwa a gefen baki. Kwalba guda tana kai ni wata uku, don abin da bai wuce ƙwayar gujiya ba nake ɗiba.

Salo kuwa yana fitar da dauɗa, wannan ba a hana shi. Na mayar da shi na wanka da wanke ƙafa.

Saman fatarmu yana da ɗan tsami na halitta, a ma'aunin tsami da kanwa da ake kira pH yana tsakanin 4.5 da 5.5. A cikin wannan tsamin ne fata take iya ƙera kitsen da ke liƙe ƙwayoyinta, kamar laka tsakanin tubali, ya riƙe ruwa ciki ya tare ƙura da ƙwayoyin cuta waje. Shi kuwa sabulu, kowane iri ne, mai ne aka dafa da toka ko soda, don haka ɓangaren kanwa yake, wajen 9 zuwa 10. Kada tazarar ta yi miki kama da ƙarama, kowane mataki ɗaya a ma'aunin nan ninki goma ne. In kin wanke da shi, fata tana ɗaukar sa'o'i kafin tsaminta ya dawo, ke kuma kina wankewa safe da dare, wataƙila har da rana in zufa ta dame ki. Lakar ba ta samun sararin gyaruwa. Ɗaurewar nan da kike ji ruwa ne yake tserewa, maiƙon kuma ba ya fasa fitowa, shi ya sa abu biyun suka haɗe miki.

Amma kada lambar kaɗai ta ruɗe ki, juya kwalbar ki karanta abin da aka haɗa. In kin ga Sodium Palmate ko Sodium Tallowate a farkon jerin, sabulu ne aka sauya wa riga. In Sodium Lauryl Sulfate ne a sama, yana iya zama 5.5 ɗin gaskiya amma ya kwashe miki kitsen fata tas. Nawa yana da Cocamidopropyl Betaine da Glycerin, babu turare. Irin wannan za ki nema.

Akwai gwajin da nake yi a gida. Jiƙa zoɓo kaɗan, ki tsarma shi da ruwa sosai har ya zama ja mai haske, ki raba kofi biyu. Zuba kumfar salo a ɗaya, na kwalbar a ɗayan. Na salo zai juya ya yi duhu, wani toka-toka mai kore, na kirki kuwa zai bar jan kusan yadda yake. Ba zai ba ki lamba ba, sai takardar gwajin pH ce ke yin wannan, amma yana tona asirin sabulu. Sauran kuma fuskarki za ta faɗa: ki wanke, ki tsane da tawul, ki zauna minti 15 ba ki shafa komai ba, sannan ki yi murmushi. In kumatu sun ja, bai dace da ke ba, ko nawa aka saye shi.

Sai ki yi hattara da masu haɗin sabulu a waya. Wata ta taɓa sayar mini da salo a roba, wai ta zuba lemun tsami da zuma ya koma 5.5. Ƙarya ce. Sabulun gaske in tsami ya kai shi can, wargajewa yake ya koma mai, ya daina kumfa, nata kuwa kumfa har wuya. Wasu ma man bilicin suke cusawa ciki ba su faɗa, kwana goma ki yi fari, daga baya ƙuraje su dawo ninki. Ko na kwalbar ma ana cika tsofaffin kwalabe a kasuwa, don haka ki saya a farmasi, ki duba murfin ba a taɓa ɓalle shi ba, ki duba ranar ƙarewa.

In jaka biyar ta yi nauyi wannan watan, ki ɗauraye da ruwa zalla da safe, salon ki bar shi sau ɗaya da dare, ki murza kumfar a hannu maimakon goga shi a fuska, kafin kuɗin su taru.