Hotuna uku na takardar haihuwa: wanne za a tura?

"Yaya, ga hotuna uku na kwafin takardar haihuwata da aka buga wa hatimi a meri. Dosiyen gasar shiga makaranta zan cike ta intanet, sun ce kada fayil ya wuce 1 MB. Ni dai na biyun ya fi mini kyau. Wanne zan tura?"

Ƙanwata, na ukun za ki tura, wannan da kike gani kamar ya yi dishi-dishi. Na buɗe su duka a kwamfutar shagona nan Garwa, na ƙara girman kowanne har ƙananan rubutun da ke zagaye da hatimi ya cika allo, domin a nan ake gane hoton da zai karantu. A fuskar waya kowane hoto kyakkyawa ne.

Na farkon da daddare kika ɗauka, da fitilar waya. Kusurwa huɗu duk sun fito, wannan kam kin kyauta, amma hasken ya sauka daidai kan ranar haihuwa ya yi farin tabo. Sannan ta WhatsApp ya zo a matsayin hoto, shi kuwa yana matse hoto ya rage shi zuwa wajen ɗigo 1,600 a tsawo. Takardar A4 tsawonta milimita 297 ne, ke nan abin da ya rage bai kai 140 dpi ba, wato ɗigo 140 a kowane inci na takardar. Manyan haruffa za su karantu, lambar takardar kuwa sai an yi canke. A ajiye shi gefe.

Na biyun shi ne mai ruɗi. Manhajar sikan ta waya ta wanke shi fari tas, rubutu baƙi wuluk, kamar yanzu ya fito daga injin bugawa. Abin da tacewar baƙi da fari take yi shi ne ta auna kowane ɗigo: wanda ya yi duhu sosai ta mai da shi baƙi, wanda bai kai ba ta mai da shi fari, babu tsakiya. Bugun inji yana tsira. Tawadar hatimi mai ruwan shuɗi da biron da ya fara ƙarewa su ne ke tafiya. Duba naki da kyau: rabin zagayen hatimin ya ɓace, sa hannun jami'in ya tsinke gida uku, tambur ɗin kuma ya koma baƙin dunƙule, ba a ganin kuɗin da ke jikinsa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ranar haihuwarki. Da hannu aka rubuta 17, kuma kin san yadda ake rubuta lamba a makarantunmu: 1 da doguwar ƙugiya a kai, 7 da ɗan layi a ciki. Wannan ɗan layin shi ne ke raba su, shi ne kuma manhajar ta share. A hoto na biyu ranar ta koma kamar 11. Ke kin cike fom da 17, mai duba dosiye ya ga 11, ba zai kira ki ya tambaya ba. Ga shi kuma manhajar ta yanke gindin takardar da kanta, ta tafi da layin ranar da aka tabbatar da kwafin. Sau da yawa ana neman kwafin da bai wuce wata uku ba, to da me za su gane naki sabo ne?

Na ukun daga injin sikan ya fito, mai launi, a 200 dpi, wato ɗigo 1,654 a faɗi da 2,339 a tsawo. Takardar ta fito da launinta na ƙasa-ƙasa, layin ninki yana nan, ta ɗan karkace hagu. Duk wannan ba ya hana karatu. Hatimi ya zagayo cikakke, ana karanta sunan merin a jikinsa, 7 ɗinki na nan da layinsa, gefe huɗu sun fito da ɗan fili a bayansu. Nauyinsa 740 KB, yana ƙasa da iyakar da suka sa, don haka babu dalilin matse shi. Da a 300 dpi aka yi da ya fi kaifi, amma da wuya ya shiga 1 MB ba tare da an matsa shi ba.

Abu ɗaya ya rage. Juya takardar ki duba bayanta. In akwai hatimi ko rubutu, a yi sikan ɗinsa a haɗa da gaban su zama PDF ɗaya, a sake duba nauyin. Kuma in mai shagon zai turo miki ta WhatsApp, ki ce ya danna Document ya zaɓi fayil ɗin, kada ya bi ta wajen hotuna. In ya iso kika ga nauyin ya faɗo daga 740 KB zuwa ɗari da wani abu, an matse shi a hanya, sai ya sake turowa.