Kafin ka sayi adaftar OTG don filashi ko mimori, duba waɗannan

Ni dai na gaji da jin mutum ya ce ya sayi OTG, wato adaftar da ke haɗa filashi da waya, bai yi aiki ba, an cuce shi, alhali sau da yawa kayan lafiyarsa lau, shi ne bai duba abin da ya dace da wayarsa ba. Fara da bakin cajin wayarka. In mai faɗi ne ta gefe ɗaya wanda sai ka daidaita shi yake shiga, micro-USB ke nan, in kuma duk ta inda ka juya yana shiga to USB-C ne. Kowanne da adaftarsa. Kuma kebul ɗin caji na gama-gari ba zai yi maka wannan aikin ba ko da bakin ya shiga, domin a micro-USB akwai fil na biyar da ake haɗawa a cikin adaftar, shi ke gaya wa wayar cewa yanzu ita za ta ba filashin wuta ta kuma karanta shi.

Kala uku za ka fi gani. Akwai ɗan guntun nan mara igiya da bai wuce ƙumba ba, yana da daɗin ɗauka amma matsalarsa filashin yana tsayawa ƙiƙam a gindin wayar kamar sanda, ka ɗan motsa ko ka ɗora wayar a cinya sai nauyin ya koma kan bakin caji, a hankali bakin ya fara rawa. Ga shi in rigar wayarka mai kauri ce baya shiga har ƙarshe, za ka ga kamar ya zauna amma wayar shiru. Sai mai ɗan kebul, ni shi na fi so gaskiya, saboda igiyar tana lanƙwasawa ta ɗauke wahalar. Na uku shi ne mai karanta mimori da ke shiga wayar kai tsaye, in aikinka da mimorin kyamara ne ko ƙaramin microSD to wannan ka nema, ka tabbatar yana da ramin girman naka. Ɗora rida, wato mai karanta mimori irin na kwamfuta, a kan adafta yana yi, sai dai mahaɗa biyu ke nan da za su iya kwancewa ana tsakiyar kwafi.

Maganar gudu kuma, kar ka ruɗu da rubutun USB 3.0 a jikin kwali. Yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi bakinsu USB 2.0 ne ko da USB-C ne, wanda a aikace baya wuce kamar 30 zuwa 40 MB a sakan, duk adaftar da ka sa iyakarta nan.

Yanzu ga inda aka fi zargin adafta ba laifinta. A ce kana da bidiyo mai 6 GB a waya za ka tura cikin filashi mai 32 GB, wuri fal, amma ya ƙi tafiya ko ya ce kwafi ya gaza. Filashin yana kan tsarin fomat na FAT32 ne, shi kuma baya karɓar fayil guda da ya haura 4 GB komai yawan wurin da ya rage. Mafita tsarin exFAT, wanda mimori masu 64 GB zuwa sama dama da shi suke zuwa. In komai ya zauna daidai a 30 MB a sakan wajen minti uku da rabi ya isa a kwafi bidiyon, filashi mara gudu kuma ya ninka haka. Amma wasu tsofaffin wayoyi ba sa gane exFAT, NTFS na kwamfuta ma ya fi ba da matsala, sai wayar ta ce filashin ya lalace ta nemi ka yi fomat. Don Allah kar ka danna, komai zai goge, fara kai shi kwamfuta ka kwashe kayanka.

In ka sa filashi ko alama babu, shiga Settings ka rubuta OTG a wurin nema. Wayoyi irin su Oppo da Realme suna da maɓallin da sai ka kunna, kuma yana kashe kansa in an yi minti 10 ba a yi amfani da shi ba. Filashi mai ɗan fitila yana taimakawa nan, in ta kama ka san wuta na zuwa, saura batun fomat, in bata kama ba to seti ne ko adaftar ko wayar ce bata da OTG ɗin kwata-kwata.

Shi yasa in da hali ka tafi da wayarka da filashinka ka gwada kafin ka biya, da rigar wayar a jikinta, ka kwafi bidiyo ɗaya babba kana ɗan girgiza kebul ɗin ka ga ko zai yanke. In ka gama ka danna Eject kafin ka zare.