Fomular Sin ko bi ɗaya bayan ɗaya?

"'Yan'uwa, an ba mu 6x ≡ 4 (mod 10), x ≡ 3 (mod 4), x ≡ 1 (mod 6). In haddace fomular ƙa'idar ragowa ta Sin ne, ko in bi su ɗaya bayan ɗaya ina saka wannan cikin wancan?"

Ɗan'uwa, bi su ɗaya bayan ɗaya. Wani malaminmu ne ya ɗora ni a kan wannan hanya, mutumin da ba ya karɓar amsa sai ka tsaya gaban allo ka raba ta da kowace lamba yana kallo. Tun daga nan ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Fara da na farkon, don shi ne ke da 6 manne da x. Babbar lambar da ke raba 6 da 10 ita ce 2, kuma tana raba 4, saboda haka akwai amsa. Raba duka ukun da 2, har da goman: 3x ≡ 2 (mod 5). Ninka ɓangarorin biyu da 2, tunda 3 sau 2 shida ne, ragowarsa 1. Ka samu x ≡ 4 (mod 5).

Yanzu ɗauki mai 6, ka rubuta x = 6k + 1. Saka shi cikin mai 4: 6k + 1 ≡ 3 (mod 4), wanda ya koma 2k ≡ 2 (mod 4). A nan ake zamewa, sai ka natsu. Hannu zai so ya soke 2 a dama da hagu ya bar 4 yadda take. Ba ya yiwuwa, domin 2 tana raba 4 ɗin ma. Daidai shi ne k ≡ 1 (mod 2), wato k = 2t + 1, sai x = 12t + 7. Kai wannan wurin mai 5: 12t + 7 ≡ 4, ya zama 2t ≡ 2 (mod 5). Wannan karon soke 2 abinka, babu abin da ya haɗa ta da 5. To t = 5s + 1, x = 60s + 19.

Mayar da 19 cikin tambayar asali, ba wadda ka rage ba. 6 sau 19 ya ba da 114, a raba da 10 saura 4. A raba 19 da 4, saura 3. A raba da 6, saura 1. Duk sun zauna.

Amma gwajin yana da iyaka. Da ka yi waccan zamewar ka rubuta k ≡ 1 (mod 4), za ka ƙare da x ≡ 79 (mod 120). Gwada 79 ka gani: 474 saura 4, sai saura 3, sai saura 1. Ya ci gwaji tsaf, alhali ka zubar da rabin amsoshin, har da 19 kanta. Don haka bayan gwaji ka duba lambar mod ta ƙarshe: dole ta zama ƙaramar lambar da 5, 4 da 6 ke shiga cikinta ba saura, 60 ke nan, ba 120 ba.

Fomular kuwa, ba ƙarya take ba, sharaɗi gare ta: kada lambobin mod biyu su yi tarayya a mai raba su. Naka 4 da 6 sun yi tarayya a 2. In ka ninka 5, 4 da 6 ka samu 120, ka raba da 4 ka samu 30, za a nemi ka kawo lambar da za ka ninka 30 da ita ragowar ta zama 1 a mod 4. Babu ita, ko ka kwana kana nema. Sai ka fara mayar da mai 6 zuwa x ≡ 1 (mod 3), sannan ta ba ka 144 + 135 + 40 = 319, ka cire 300, ka dawo kan 19 ɗin dai. Inda take da rana shi ne a ba ka lambobin mod iri ɗaya, ragowar kawai ke sauyawa, tambaya bayan tambaya.

Wani abin da ya sa na fi son tawa hanyar: tana gaya maka idan babu amsa. Da na ukun x ≡ 2 (mod 6) ne, za ka ci karo da 2k ≡ 1 (mod 4), kuma 2 ba ta raba 1. Ɗaya na neman x mara, ɗaya na neman cika. Sai ka rubuta babu amsa, da hujjarka.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayar da takardun "amsoshi a warware". Na taɓa sayen wata wadda aka ninka lambobin mod kawai a irin wannan tambaya, ba a duba tarayya ba. Kafin ka biya, zaɓi tambaya ɗaya mai lambobi cika guda biyu a mod, ka gwada amsar, ka duba lambar ƙarshe. In mai sayarwa ya hana ka dubawa, mayar da kuɗinka aljihu.