7075-T6 ko 7075-T73: wanne za ka saya?

"Ina so in sassaƙa maɗauri daga farantin alminiyam 7075 mai kauri. Za a dasa masa bushi, wato zoben ƙarfe da ake cusawa cikin rami, da matsi, kuma zai zauna a waje inda akwai damshi. Mai sayarwa yana da T6 da T73, ya ce T6 ya fi ƙarfi. To me ya sa T73, da aka fi daɗewa ana gasa shi, ya fi laushi? Wanne zan ɗauka?"

Ɗan'uwa, ɗauki T73. Mai sayarwar bai yi ƙarya ba, T6 ya fi ƙarfi: yana fara lanƙwasa a wajen 500 MPa a ma'aunin ƙarfin ja, shi kuwa T73 a wajen 435 MPa. Sai dai ƙarfin da aka rage wa T73 da gangan aka rage shi, kuma abin da aka samu a madadinsa shi ne ainihin abin da aikinka yake bukata.

Ƙarfe ɗaya ne, haɗi ɗaya: tutiya kusan kashi 5.6 cikin ɗari, magnesiyam 2.5, jan ƙarfe 1.6, sauran kusan duk alminiyam. Farkon aikinsu ma ɗaya ne. Ana ɗora farantin a wuta zuwa wajen digiri 470 na Salshiyas har tutiya da magnesiyam su narke su bazu a cikin alminiyam ɗin, shi kuwa yana nan daskare bai zama ruwa ba. Daga nan sai a tsoma shi cikin ruwan sanyi da sauri, kafin su samu damar fitowa. A wannan lokaci ƙarfen yana ɗauke da fiye da abin da zai iya riƙewa, kuma da laushinsa. Gashi na biyu shi ne yake kawo tauri. Don T6 ana ajiye shi a digiri 120 na awa 24. Wannan ɗumin yana ba atom-atom ɗin tutiya da magnesiyam damar motsawa kaɗan, su taru su zama 'yan ƙwayoyi masu girman nanomita kaɗan, birjik a ko'ina cikin ƙarfen, kusa-kusa da juna.

Abin da ya sa waɗannan ƙwayoyin suke taurara ƙarfe shi ne yadda ƙarfe yake lanƙwasa tun asali. Jerin atom ɗinsa ba sa zamewa gaba ɗaya lokaci guda. Akwai wasu layukan gociya a cikinsa, waɗanda injiniyoyi suke kira disilokeshan, su ne suke tafiya sannu a hankali idan an matsa, tafiyarsu kuwa ita ce lanƙwasar. Ka ɗauki layin nan kamar igiya da ake ja a ƙasa cikin filin da aka kafa turaku. Idan turakun ƙanana ne sirara, igiyar tana karya su ta wuce, kuma iya kaurinsu iya ƙarfin da za a sa. Shi ya sa a farkon gashi tauri yake ta hawa: ƙwayoyin suna girma, yanka su yana ƙara wuya. Amma idan suka yi girman da ba su yankuwa, sai igiyar ta lanƙwashe ta kurɗa ta tsakaninsu, a nan kuma tazarar da ke tsakani ita ce take yanke hukunci. Ƙololuwar tauri tana daidai wurin da yankawa da kurɗawa duka suke da wuya, kuma kusa da nan ake tsayar da T6.

Idan aka ci gaba da gashi, tutiyar da ke narke ta riga ta kusa ƙarewa, don haka manyan ƙwayoyi sai su koma cin ƙanana: ƙananan su narke, atom ɗinsu su tafi su ƙara wa manyan. Yawan abin bai canja ba, rabonsa ne ya canja. Lissafin yana da sauƙi. Idan faɗin kowace ƙwaya ya ninka biyu, cikinta ya ninka takwas, ke nan ƙwaya takwas sun koma ɗaya, tazarar da ke tsakani ta ninka biyu, ƙarfin da layin gociya yake bukata ya kurɗa kuma ya ragu kusan rabi. Ban da haka, ƙwayoyin suna rikiɗewa zuwa siffarsu ta ƙarshe, MgZn2, wadda jerin atom ɗinta ba ya haɗe da na alminiyam, sai ɗaurewar da take kewaye da kowace ƙwaya ta saki. Laushin da kake tambaya ke nan. Ba ya komawa baya kuma, sai an sake aikin tun daga digiri 470.

T73 an zarce da shi ne da awo: awa 6 zuwa 8 a wajen digiri 107, sannan kimanin yini guda a wajen digiri 163 idan faranti ne. Dalili kuwa wata cuta ce da 7075-T6 yake da ita. Idan ja na dindindin ya haɗu da damshi, musamman mai gishiri, tsaga tana bin iyakokin kiristal ɗin ƙarfen a hankali, ba lanƙwasa, ba wata alama, har wata rana abu ya rabe. Ta fi muni idan jan yana ratsa kaurin farantin, domin birgimar masana'anta ta baje kiristal ɗin sun kwanta a jere, iyakokinsu sun zama miƙaƙƙiyar hanya. Bushin da aka dasa da matsi yana jan bakin ramin dare da rana, ko babu kaya a kai. Zarce gashin yana sa ƙwayoyin da ke kan iyakokin su girma, su rarrabu, su ɗauki jan ƙarfe, sai tsagar ta rasa hanyar bi.

Ina da maɗauran da na sassaƙa daga T7351, wato T73 da aka miƙe bayan tsomawa don a cire masa ɗaurewar ciki. Tun a kan inji na ji daɗinsa: na cire nama mai yawa daga gefe ɗaya, na kwance shi daga maƙala, na ɗora a kan tebur, ya kwanta lif bai murɗe ba. Sun sha ruwan sama da raɓa, launinsu ya dusashe, amma duk lokacin da na goge bakin ramin na shafa ruwan gano tsaga, farar hodar tana fitowa tas babu jan layi ko ɗaya. T6 kuwa, to, yana da wurinsa a siririn abu da zai zauna a busasshen wuri.

Idan ragin ƙarfin yana damunka, ƙara wa maɗaurin nama da kamar kashi 15 cikin ɗari. Kar kuma ka yi tunanin T6 zai fi ƙin lotsawa a ƙarƙashin kaya mara nauyi, domin a wannan duka biyun ɗaya suke, gashi bai taɓa shi.

Sannan ka kula da masu sayarwa, don ido ba ya bambanta su. Ka nemi takardar masana'anta, ka ga lambar da ke kanta ta yi daidai da wadda aka buga a jikin farantin. Idan akwai na'urar auna gudun lantarki, T6 yana nuna wajen 33 %IACS, wato kashi 33 cikin ɗari na gudun lantarkin tsantsar jan ƙarfe, T73 wajen 40, saboda abin da ke narke a cikinsa ya fita. Amma kar ka tsaya a nan, domin 6061-T6, wanda marasa gaskiya suke sayarwa da sunan 7075, yana nuna wajen 43, ya yi kusa da T73. Tauri ne zai tona shi: a ma'aunin Birinel 6061-T6 yana wajen 95, T73 wajen 135, T6 wajen 150. In babu kayan awo, yanki guntu mai kusurwa huɗu ka auna girma da nauyi. Kowace santimita kubik ta 7075 giram 2.81 ce, ta 6061 kuwa 2.70.

Bayan ka gama sassaƙa, kar ka yi masa walda, kar kuma ka bari a dafa masa fentin hoda a digiri 200 ba tare da an kula da lokaci ba. T73 ya riga ya gangaro daga ƙololuwa, duk zafin da ya wuce na gashinsa ƙara gangarawa zai sa shi yi.