Na je an jefa mini duwatsun runa a kan maganar aure

A wani ƙaramin shago a nan Suwidin na yi wannan zama, wurin wata mata mai sayar da turare da kyandir, wadda kuma take jefa runa don duba ko mutum biyu sun dace. Abokiyar aikina ce ta biya mini kuɗin, kurona 500 na minti 45, da ta ji ina ta saƙa da warwara a kan wani mai neman aurena.

Runa haruffa ne da mutanen arewacin Turai suka yi rubutu da su kafin haruffan Latin su iso musu. Jerin da matar take aiki da shi shi ne tsohon Futhark, mai haruffa 24, kashi uku takwas-takwas, wanda aka samu a sassaƙe a dutsen Kylver na tsibirin Gotland tun wajen shekara ta 400. Nata an zana su a kan ƙananan duwatsu, cikin jakar fata. Ta shimfiɗa farin ƙyalle, ta ce haka kakanninsu suke yi. Gaskiya ne Tacitus, marubucin tarihi na daular Rum, ya rubuta a shekara ta 98 cewa ƙabilun Jamus suna watsa guntayen reshe masu alamomi a kan farin zane su ɗauki uku, amma bai ce alamomin runa ba ne, bai kuma ambaci neman aure ba. Salon da ake sayarwa yau ya bazu ne bayan littafin Ralph Blum na 1982. Wannan ba ta faɗa mini ba.

Kafin a taɓa jaka, mun yi kusan kwata tana yi mini tambayoyi cikin taushin murya: ina yake zaune, yaya iyayena suka ɗauke shi, me yake hana ni barci. Na gaya mata yana wata ƙasa, kuma mahaifinsa yana so ya koma gida ya riƙe kasuwancinsu. Sannan ta ce in sa hannu in ciro duwatsu uku, ɗaya nawa, ɗaya nasa, na ukun na abin da ke tsakaninmu.

Nawa Gebo ne, mai siffar X, alamar kyauta. Ta ce ni mai bayarwa ce, ina neman wanda zai mayar mini da kwatankwacin abin da na ba shi. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, sai dai wace mace ce za a gaya wa haka ta musa? Nasa Ehwaz ne, doki, mai kama da M, kuma ya fito a kife. A nan ta daɗe. Ta ce doki da mahayinsa amana ke haɗa su, idan ya kife kuwa tafiyar ba ta daidaita ba, ɗaya yana jan linzami gabas ɗaya yamma. Na ukun Othala ne, gado da gidan kakanni, sai ta ce dangi ne za su yanke hukuncin wannan aure.

Jikina ya yi sanyi a lokacin. Amma duk wanda ya bi maganar a hankali zai ga nisa da batun mahaifinsa ni na kawo su da bakina, ita kuma ta ɗora su a kan duwatsun. Da a ce dutsen Isa ne ya fito, wato ƙanƙara, da sai ta ce nisa ya daskarar da mu. Da Wunjo na farin ciki ne, sai ta ce za mu ci nasara a kan nisan. Kowane dutse yana da ƙofar shiga labarina tunda na riga na buɗe shi.

Batun kifewa ma ya dame ni. Gebo ba ya kifewa, ko ta ina aka juya shi X ne, don haka ba shi da mummunar fuska. Ehwaz kuwa yadda yatsuna suka ajiye shi ne ya mayar da mutumin abin zargi, alhali ba ya wurin, ba a kuma ji ta bakinsa ba. Da na ce mu sake ciro nasa, ta ce ba a yi wa runa tambaya ɗaya sau biyu. Dokar ta toshe hanya guda da mai biyan kuɗi zai gwada ko amsar tana maimaituwa.

Matar tana da kirki, ta iya sauraro, ba ta tsorata ni don in sayi wani laya ba, ta kuma ce kada in rabu da kowa saboda dutse. Na yaba mata a kan haka. Amma ba zan tura kowa ba, kuma Musulmi ya sani wannan duba ne, sauya masa kaya kawai aka yi, hukuncinsa sananne ne.

Abin da na je nema shi ne ko mun dace, na fito ban ƙaru da komai game da shi ba. Halinsa sai yayana ya bincika wurin waɗanda suka zauna da shi. Jininmu kuma asibiti ne zai faɗa, domin ni AS ce, idan shi ma AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na haihuwar mai sikila. Na roƙe shi ya yi gwajin kafin manya su shiga maganar.