Sharhi: taƙaitaccen bayanin shari'ar kare kai da na yi bita da shi

Mako biyu kafin jarrabawar dokar manyan laifuka na samu wannan takarda mai shafi uku. Shari'ar ƙirƙirarriya ce, an kasa ta huɗu: abin da ya faru, tambayar da ke gaban kotu, hukunci, sai dalilan alƙalai.

Ga labarin. Wani mutum na ƙoƙarin buɗe motarsa da dare, sai wani ya tasam masa da wuƙa. Ya rarumi rodi ya doke shi a hannu, wuƙar ta faɗi. Bayan kamar daƙiƙa huɗu ya ƙara masa ɗaya a ka, mutumin ya mutu. Kotun farko ta same shi da laifin kisan kai, tana cewa ya kasa tabbatar da cewa kansa yake karewa. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin.

Inda takardar ta burge ni shi ne yadda ta tsayar da tambayar a layi ɗaya: nauyin kafa hujja a wuyan wa yake? Ni da kaina na daɗe ina ruɗewa a nan. Wanda ake tuhuma aikinsa kawai ya nuna akwai shaidar da ta taɓo batun kare kai. Daga nan masu gabatar da ƙara ne za su rushe wannan kariya har ba sauran kokwanto. Marubucin ya jingina wannan da shari'ar Woolmington ta 1935 a Ingila, kuma ya yi daidai. Alƙalin farko ya ɗora kayan a kan wanda ba nasa ba ne.

Amma duka na biyu fa? Nan ne gizo ke saƙar, kuma jimla biyu kacal aka ba shi. An ambaci shari'ar Palmer ta 1971, wadda ta taso daga Jamaika, cewa mutumin da ke cikin firgici ba zai iya auna ƙarfin dukansa daidai wa daida ba, sai aka wuce. Ba a faɗa mana ko wanda ake tuhuma ya ga faɗuwar wuƙar a cikin duhu ba, ko maharin ya sunkuya zai ɗauka, ko kuwa ya juya zai gudu. In ya ba da baya, haɗari ya kau, dukan ya zama ramuwa.

Haka kuma ba a ce dokar wace ƙasa ake bi ba. A tsarin Palmer, wanda ya wuce gona da iri ya rasa kariyar gaba ɗaya, alhali wasu dokokin sassauta laifin suke yi zuwa kisan da bai kai na ganganci ba.

Da biro na cike giɓin: na sauya labarin sau uku a gefen shafi, kowanne na rubuta masa hukuncinsa.