Monita ta biyu: wacce za ta zauna lafiya da mai inci 24?

Idan kana da monita mai inci 24, 1920×1080, kana son ƙara ta biyu, shawarata ita ce mai inci 32, 2560×1440. Ba don girmanta na zaɓe ta ba, don ɗigon hotonsu girmansu ɗaya ne. Tsayin allon ƙaramar kusan santimita 30 ne, ɗigo 1080, wato ɗigo 36 a kowace santimita. Babbar santimita 40 ce, ɗigo 1440, shi ma 36 ɗin ne. Windows da ɗigo take lissafin girman taga, ba da inci ba. Shi ya sa idan ka ja taga daga wannan allo zuwa wancan ba ta kumbura ba ta tsukewa, kibiyar linzami kuma tana tsallakawa a miƙe. Duka biyun ka bar Scale a 100%.

Saura jeri. Shiga Settings > System > Display, ka ja akwatunan nan biyu da ke wakiltar monitocin har gindinsu ya zo daidai, a kan tebur ma ka daidaita ƙasan allunan, ko da littafi ne ka sa wa ƙaramar. Babbar za ta yi rarar ɗigo 360 a sama, nan kibiya ke maƙalewa kamar ta ci karo da bango. A Windows 11 ka kunna Ease cursor movement between displays, za ta wuce.

Mai inci 27, 1440p, ba laifi, taga tana ɗan ƙanƙancewa ne kawai. Mai 4K kuwa a gefen 1080p wahala ce: sai ka kai Scale ɗinta 150%, tsofaffin manhajoji su riƙa dishi-dishi.

Kasuwa ce abin tsoro. Ni an taɓa sayar mini da wata ta hannu, mai shagon yana rantsuwa "2K ce, Alhaji". Da na je gida, ashe ba 1440p ba ce, inci 32 ce mai 1080p, rubutu ɓaro-ɓaro, ɗigo ana ƙirgawa da ido. Wasu ma talabijin ce mai 1366×768 za a miƙo maka, tana karɓar 1080p amma matse hoton take yi. Kada ka yarda da kwali ko sitika. Tafi da laftof ɗinka, ka jona, ka ga lambar da Windows ta rubuta wa Recommended a Display resolution, ka nemi lambar samfurin da ke bayan monitar a intanet. Buɗe farin shafi ka duba matattun ɗigo. A Advanced display ka tabbatar aƙalla 60 Hz ne. Idan 30 ka gani, kibiya za ta riƙa tafiya da ƙyar, sau da yawa wayar ce ko adafta mai arha. In kuma aka ce ka haɗa da sifilitar HDMI, ka mayar masa da abarsa, hoto ɗaya take nunawa a allo biyu.